Kiran Farko: Wace Tambaya ke Buɗe Hira?

Aboki ya haɗa ka da wata, ya ba ka lambarta bayan ya nemi izininta. Ka kira bayan sallar isha'i, an yi sallama, an gaisa, sai shiru ya biyo baya. Yawancin kiran farko a nan yake mutuwa.

Dalili shi ne, da yawa daga cikin abin da muke ɗauka tambaya ce, gaisuwa ce kawai. "Yaya aiki?" amsarta "da godiya". "Yaya gida?" amsarta "lafiya lau". Wajibi ne a yi su, amma ba sa gaya maka komai game da mutum. Haka ma "Kina aiki?" ko "Kin gama makaranta?", da "eh" ko "a'a" an sallame ka.

Mafi sauƙin mashiga shi ne wanda ya haɗa ku, domin shi kaɗai ne abin da kuka yi tarayya a kai. Ka ce, "Yaya aka yi kuka san juna da shi?" Tambayar ba ta taɓa sirrin kowa, kuma labari take nema. A ce ta amsa cewa matarsa ƙawarta ce tun suna makarantar koyon jinya a Kano. To ga zare ya samu, kada ka sake shi ka koma wata maganar. Sai ka ce, "Me ya ja ra'ayinki zuwa aikin jinya?" In ta ambaci aikin dare, ka tambaya, "Yaya yininki yake kasancewa in kin kwana a asibiti?" Kowace tambaya daga bakinta ta fito, shi ya sa ba za ta ji kamar ana yi mata tambayoyin ɗaukar aiki ba. Bayan tambaya biyu, kai ma ka faɗi naka, kada ka yi ta karɓa ba ka bayarwa.

Idan ba a garinsu take zaune ba, "Me kika fi kewa a gida?" takan buɗe baki ƙwarai, har a kai ga maganar abinci da hidimar sallah da kakanni.

Akwai tambayoyin da a buɗe suke, amma ni ban yarda a yi su a kiran farko ba: me ya hana ki aure har yanzu, me ya raba ki da mijinki na farko, nawa ake biyan ku. Mai kunya ba za ta ce ka yi kuskure ba. Za ka dai ji amsa ta gajarce zuwa "haka ne" da "ba komai". Da ka ji haka, ka ja da baya, ka yi godiya, ka tambaye ta wane lokaci ya fi mata sauƙi ka sake kira.