Shafin Injiniya a Takardar Neman Kwangila

Idan aka tallata aikin zana gada da kuɗin Bankin Duniya, kamfanin da ke nema ba farashi kaɗai yake miƙawa ba. Dole ya bayyana mutanen da za su riƙe aikin, kowa da tarihin ayyukansa a wani fom da ake kira TECH-6. A ƙa'idojin bankin na 2011, cikin maki 100 na tantance ƙwarewa, ana ware wa waɗannan manyan ma'aikata maki 30 zuwa 60. Ke nan shafi biyu ko uku na iya kayar da kamfanin da ya yi suna.

Abin da masu rubutawa da yawa ba su lura da shi ba shi ne yadda ake raba makin. Digiri da yawan shekarun aiki ba su cika wuce kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ba. Kaso mafi tsoka, 60 zuwa 80, yana tafiya ne ga dacewar mutum da wannan aikin da ke kan tebur.

A ce an ware wa injiniyan gada maki 20, kuma 14 daga ciki na dacewa ne. Wani kamfani ya rubuta cewa injiniyansa gogagge ne, ya shekara ashirin yana manyan ayyuka a faɗin ƙasa. Kwamitin tantancewa ba shi da abin da zai kama a nan, domin babu layin makin yabo a takardarsa. Wani kamfanin kuwa ya ce tasa injiniyar ce ta jagoranci zanen gadar kankare mai tsawon mita 120, ya faɗi shekarun, ya ambaci hukumar da ta ba da aikin da wanda za a tuntuɓa, ya ƙara da cewa ita ta lissafa harsashin a ƙasa mai laka. Ko da shekarunta goma sha biyu ne kacal a fagen, muddin ta cika mafi ƙarancin sharaɗi, ita za ta kwashe makin.

A Najeriya ana kuma duba rajistar COREN, hukumar da ke kula da sana'ar injiniya tun 1970, don haka a kan sa lambar rajistar a fili.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne kumbura matsayi. Wanda ya yi mataimaki sai ya wayi gari "shugaban aiki", ko a ga mutum ɗaya yana zaune dindindin a wuraren aiki biyu masu nisa a shekara guda. Masu tantancewa da suka san aikinsu jera shekarun kawai suke yi, sai ƙaryar ta fito. Injiniyan ma yana sa hannu a ƙasan fom ɗin cewa abin da aka rubuta gaskiya ne kuma zai samu damar yin aikin. Idan aka ci kwangilar sannan aka nemi sauya shi, sai an kawo dalili mai ƙarfi, kamar rashin lafiya, kuma wanda zai gaje shi ya kai shi cancanta ko ya fi shi.