Hoton labari a waya: abin da ido zai iya kamawa da abin da ba zai iya ba

Yawancin labarin da ke shiga wayoyin mutane a Gwandu da Kalgo ba daga shafin jarida yake zuwa kai tsaye ba. Wani ne ke ɗaukar hoton allon wayarsa, abin da matasa ke kira sikirinshot, ya tura a zauren WhatsApp na dangi ko na 'yan kasuwa, daga nan ya bazu. Wani lokacin ma waya ake kafa wa allon talabijin ko na wata wayar a ɗauka. Ko ta wace hanya aka bi, labarin ya rabu da asalinsa: babu adireshin da za a latsa, babu sauran bayanin da ke ƙasan kanun, sau da yawa babu kwanan wata. Mai karatu ba shi da abin dogaro sai abin da idonsa ya gani a cikin hoton.

Yaudara iri biyu ce ke zuwa ta wannan hanya, kuma binciken kowacce daban yake. Akwai hoton da aka taɓa, aka goge wata kalma ko wani adadi aka sa wani. Akwai kuma hoton da ba a canza ko harafi ɗaya a cikinsa ba, amma aka datse shi, ko aka tono shi daga wata shekara, ko aka jingina shi ga wani gari. Mutane sun fi tsoron na farkon, alhali na biyun ya fi sauƙin haɗawa, ya kuma fi wuyar ganewa, domin duk abin da ke cikinsa gaskiya ne.

Saboda haka duba na farko gefen hoton ake yi wa, kafin tsakiyarsa. Cikakken hoton allon waya yana ɗauke da agogo da alamar batir a sama. Idan shafin jarida ne, adireshinsa na bayyana, ga sunan marubuci da ranar da aka buga. Idan saƙon Facebook ne ko na X, akwai sunan mai shafi da lokacin wallafawa da adadin waɗanda suka yi tsokaci. Hoton da ya fara daidai kan kanun labari, ya ƙare daidai inda jimla ta biyu za ta soma, an yanke shi ne da hannu. Ba kowane yanka ne na mugunta ba, mutane na datse hoto don ya yi kyan gani. Sai dai in abin da aka zubar shi ne kwanan wata, tambayar da ta rage ita ce me ya sa. Ko lokacin da aka bari ma yana iya ruɗarwa. Alamar `2h` a Facebook tana nufin awa biyu kafin a ɗauki hoton ne, ba awa biyu kafin ya iso wayar mai karatu ba, kuma haka za ta ci gaba da cewa ko bayan shekara uku.

Batun canjin kuɗi ya nuna yadda wannan ke aiki. A ranar 26 ga Oktoba, 2022, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tare da wa'adin 31 ga Janairu, 2023 ga tsofaffin. Aka ƙara wa'adin zuwa 10 ga Fabrairu. A ranar 3 ga Maris, 2023, Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗin har 31 ga Disamba na shekarar, sannan a ranar 29 ga Nuwamba ta cire wa'adin gaba ɗaya. Duk da haka maganar wa'adin Disamba ta sake tashi a ƙarshen 2024, har bankin ya fito ya ce babu wata ranar da tsofaffin takardun za su daina aiki.

A ɗauka a irin wannan lokaci wani mai sayar da hatsi a Gwandu ya sami hoto a wayarsa, kanun na cewa tsofaffin kuɗi za su daina aiki ranar 31 ga Disamba. Tambarin jaridar na gaske ne, rubutun bai da wani aibu, domin a watan Maris na 2023 labarin gaskiya ne. Abin da ya ɓace shekara ce kawai. Amma hoton zai iya tona kansa. Idan fuskar Emefiele ce a ƙarƙashin kanun a matsayin gwamnan banki, labarin ya girmi watan Yunin 2023, lokacin da aka dakatar da shi. Olayemi Cardoso ne ke kan kujerar tun watan Satumbar 2023. Idan daga Twitter aka ɗauko, kuma tsuntsun nan mai launin shuɗi na nan a sama, an ɗauki hoton kafin ƙarshen Yulin 2023, lokacin da aka koma harafin X. Idan kuma wani layi ya tsira da ke cewa kotu ta yanke hukuncin ranar Juma'a, kalanda za ta raba gardama: 3 ga Maris, 2023 Juma'a ce, 29 ga Nuwamba kuwa Laraba. Alamu uku ke nan, babu wadda ke buƙatar data, kuma sun isa su hana mutum ƙin karɓar kuɗin da doka ba ta soke ba.

Irin wannan tsohon zance na yawan dawowa a Kalgo, inda mazaunin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi yake. Kanun yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya kama daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, yana iya zama na kowace shekara muddin aka cire masa kwanan wata, domin kalmomin ba sa canzawa. Haka hoton ambaliya. Ruwan da ya cinye gonakin shinkafa a Kebbi a 2020 na gaske ne, amma hotonsa ba hujja ba ce cewa bana ma hakan ta faru.

A nan sanin gida ya fi kowace manhaja amfani. Wanda ya tashi a yankin ya san cewa ganye kore shar da hadari a sama ba na watan Maris ba ne, ya san lambar motar Kebbi na ɗauke da taken `Land of Equity`, ya san irin ginin garinsa da irin shigar mutanensa. Ya kuma san fadar Sarkin Gwandu a Birnin Kebbi take, don haka labarin da ya kwatanta ta a cikin garin Gwandu, wanda bai san wurin ba ne ya rubuta shi. Rashin irin wannan lura ya taɓa jawo asarar rayuka. Binciken da BBC ta yi kan rikicin Filato na Yunin 2018 ya gano cewa wani bidiyo mai tayar da hankali da aka yaɗa a Facebook da sunan na can ne, a Kongo Brazabil aka ɗauke shi tun 2012.

Hoton da aka taɓa kuwa, a rubutunsa ake kama shi. Mai gogewa yakan shafe kalma da launin da ya yi kama da na bayanta, ya ɗora sabuwa, kuma da wuya ɗinkin ya ɓace sarai. Idan aka buɗa hoton da yatsu biyu, aka ƙara hasken waya, sai a ga wani ɗan murabba'i da farinsa ya bambanta da na kewaye, ko kalma ɗaya da ta fi 'yan'uwanta kaifi. Dalilin haka shi ne duk lokacin da aka sake loda hoto a WhatsApp ko Facebook ana matse shi, haruffa su ɗan dushe gaba ɗaya. Kalmar da aka ƙara daga baya ba ta sha wannan matsar ba, sai ta fito tas a tsakiyar dusassun. Lambobi sun fi shan gyara, saboda sifiri ɗaya kan mayar da mutum 5 su zama 50. Ana duba ko lambar na zaune kan layi ɗaya da sauran, ko ta ɗan yi sama, ko ta matse maƙwabciyarta.

Rubutun Hausa na da tasa alamar. Ba kowane salon haruffa ne ke da ƙ da ɗ da ɓ ba, kuma idan babu su, na'ura kan aro daga wani salon, harafin ya fito siriri ko ƙato. In duk hoton haka yake, laifin wayar ne. In kuwa layi ɗaya ne ya rubuta "kasa" alhali sauran sun rubuta "ƙasa", mai yiwuwa hannu biyu ne suka yi aikin. Kowace kafa ma tana da ɗabi'arta wajen rubuta kwanan wata da sunayen hukumomi, kuma ajiye hoton kusa da wani labarin na gaske daga kafar yakan nuna bambanci nan take. Alamar shuɗi ta tantancewa a X ba ta da nauyin da take da shi a da, tunda yanzu da kuɗi ake samunta. Sunan da ke bayan alamar `@` ya fi cancantar a duba shi harafi bayan harafi. Rubutun `Forwarded many times` na WhatsApp kuma shaidar yawo ce kawai, ba ta ce komai kan gaskiya ko ƙarya ba.

Hoton da aka ɗauka daga wani allon da kyamara shi ne mafi wahala. Zane-zanen da ke fitowa kamar igiyar ruwa, da ƙyallin fitila, da karkatar hannu, duk suna rufe tabon gyara. Mutane kan ɗauke shi a matsayin wanda ya fi inganci, wai ai ga talabijin ɗin nan ana gani, alhali komai ana iya sawa a kan allo kafin a ɗauka.

Iyakar duban ido ke nan. A kwamfuta, duk wanda ya buɗe shafin jarida ya zaɓi `Inspect` zai iya sauya kanun a kan allonsa shi kaɗai, da haruffan jaridar da launinta, ya ɗauki hoto. Babu tabo, babu ɗinki, domin ba hoton aka gyara ba, shafin aka gyara kafin ɗauka. Don haka alamun da ake gani suna iya tabbatar da cewa an yi wa hoto hannu, amma rashinsu ba ya wanke shi. Hoton da ya tsallake duk waɗannan gwaje-gwajen, abin da ya rage masa shi ne a rubuta kalmomin kanun daidai yadda suke a Google, a shiga shafin kafar da aka jingina wa labarin a nema a ranar da aka ambata, a kuma saka hoton da ke ciki a Google Lens ko TinEye don ganin inda ya taɓa fitowa. Masu tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check ma daga nan suke farawa. Babban labari, kamar sanarwar banki ko rufe jami'a, ba ya tsayawa a kafa ɗaya. Idan babu shi a shafin da aka ce ya buga shi, kuma babu wata kafar da ta ɗauka, to hoton bai da madogara, komai tsabtarsa.