Kofin da ke yoyo tun yana cikin kwamfuta

Mai aiki da firintar 3D yakan gamu da wannan abin takaici: zanen kofi ya yi kyau a allo, amma da aka buga sai ga bangonsa da giɓi, ko kuma bakinsa ya fito a toshe. Sau da yawa firintar ba ta da laifi. Ciwon yana cikin fayil ɗin.

Fayil na STL, wanda kamfanin 3D Systems ya ƙirƙiro a 1987, fatar abu kawai yake adanawa. Fatar kuwa raga ce ta ƙananan alwatika da aka jona gefe da gefe, kowace da kibiyar da ke nuna waje. Manhajar yankawa, irin su Cura ko PrusaSlicer, tana yanka wannan raga falle-falle. Kofi mai tsayin milimita 80, idan kaurin falle milimita 0.2 ne, zai ba da falle 400, kuma a kowane ɗaya dole manhajar ta sami zagaye rufaffe kafin ta san inda za ta zuba roba.

Doka ɗaya ce ke tabbatar da haka: kowane gefe ya zama na alwatika biyu daidai. Idan alwatika ɗaya ce kawai ke riƙe da shi, akwai rami a wurin. Idan uku ne, akwai bangon da ya ɓuya a ciki. Abin da manhajoji ke kira `non-manifold` ke nan. Kibiyar da ta juya kuma tana gaya wa manhajar cewa ciki shi ne waje.

Mu ɗauki kofin nan, mai bango milimita 2 da hannun da aka manna masa. A buɗe shi a Blender, a shiga `Edit Mode`, a zaɓi `Select > Select All by Trait > Non Manifold`. Duk gefe mai matsala zai haskaka.

Abin da na fi nanata wa masu koyo shi ne kada su yi gaggawar toshe ramuka. Da yawa daga cikin abin da ya haskaka ba ramuka ba ne, ɗigo biyu ne da suka hau kan juna ba tare da sun haɗu ba, kamar yadi biyu da aka shimfiɗa baki da baki ba a ɗinke ba. A zaɓi komai da `A`, a danna `M`, a ɗauki `By Distance`. A fara da ƙaramin tazara, kwatankwacin milimita 0.01. Idan tazarar ta kusanci kaurin bangon, ciki da wajen kofin za su manne, kuma gyaran wannan ya fi na farko wuya.

Daga nan sai mahaɗar hannu da jiki, inda bangon ɓoye ya fi zama. Wanda ya zana kofin ya jona hannun, ya bar fuskar jikin da ke ƙarƙashinsa. A leƙa ciki da `Alt+Z`, a zaɓi waɗannan fuskoki a goge su.

Yanzu abin da ya rage shi ne ramin gaskiya. Ƙarami a shimfiɗaɗɗen wuri, a zaɓi bakinsa a danna `F`, shi ke nan. A kan lanƙwasa kuwa `F` zai bar faci mai lebur da hannu zai ji bayan bugawa, don haka `Grid Fill` ya fi, sai dai yana son adadin gefunan ya rabu biyu daidai.

A nan ne nake taka-tsantsan da maɓallan gyara kai tsaye, irin `Make Manifold`. Ba su san niyyar mai zane ba. Idan an zana kofin da fata ɗaya, babu kauri, bakinsa a wurinsu rami ne, sai su rufe shi, a wayi gari da dunƙulen roba bayan an ɓata sa'o'i. Maganin irin wannan kofi shi ne a ba shi kauri da `Solidify`, aƙalla milimita 0.8, wato layi biyu na bakin firinta mai milimita 0.4.

Kibiyoyi su ne na ƙarshe, domin Blender ba zai iya tantance waje da ciki daidai ba muddin ragar tana buɗe. A kunna `Face Orientation`. Duk inda ja ya bayyana daga waje, fuskar ta juya. A zaɓi komai, a danna `Shift+N`. Idan ja ya ƙi tafiya, galibi akwai sauran bangon ɓoye kusa da wurin, sai a koma a nemo shi.

Bayan an fitar da sabon STL, a yanka shi, a ja sandar duba falle daga ƙasa zuwa sama sannu a hankali. A daɗe a daidai inda hannun ya haɗu da jiki: layin waje ya kamata ya zagaye su biyun a tafiya ɗaya, ba tare da wani layi ya ratsa tsakaninsu ba.