Kumburin Ƙafa Mai Zafi: Ciwon Da Ba A Kwana Da Shi

Da zarar damina ta kankama, mu da ke zagayen gaida marasa lafiya mukan yawaita tarar da mutum kwance a zaure, ƙafa ɗaya ta kumbura tana sheƙi, an shafe ta da man zafi ko toka. In an tambaya sai a ce ƙaya ya taka, ko kuwa a rage murya a ce jifa ne. Sau da yawa ciwon nan shi ne wanda likitoci ke kira selulaitis, watau ƙwayoyin cuta sun shiga cikin fata da kitsen da ke ƙarƙashinta suna yaɗuwa. Yana da magani mai sauƙi, muddin aka fara shi da wuri.

Ƙwayoyin cutar ba daga nesa suke zuwa ba. Iri biyu ne suka fi kawo shi, sitiraftokokus da sitafilokokus, kuma sukan zauna a fatar mutum ba tare da sun cuce shi ba, sai ran da suka sami ƙofa. Ƙofar kuwa ba sai babba ba. Faso a diddige ya isa, haka cizon sauro da aka sosa, ko ƙurjin fartanya. Wadda aka fi mantawa da ita ita ce cin ruwa, watau farin daddajewar nan da ke tsagewa a tsakanin yatsun ƙafa ga mai yini cikin laka ko takalmin roba.

Littattafan likita sun ce wurin yakan yi ja. Wannan a jikin farar fata ne. A jikinmu jan ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya ƙara duhu, ya ɗaure, ya yi sheƙi. Saboda haka hannu ya fi ido aiki a nan. A ɗora bayan hannu a ƙafar mai ciwo, sa'an nan a ɗora a ɗayar. In ɗaya ta fi zafi, tana ciwo in an danna, ga kuma kaluluwa ta fito a matsematsi, to, magana ta kusa ƙarewa. Kusan kullum ƙafa ɗaya yake kamawa. In duka biyun ne suka kumbura ba zafi, sai a nemi dalili a wani wuri, kamar zuciya ko ƙoda.

Bari mu ɗauki misali. A ce wani manomi mai shekara 45 yana da cin ruwa. Ranar Litinin da dare sanyi ya rufe shi, jiki na rawa, ya ce ai zazzaɓin cizon sauro ne, ya aika aka sayo masa maganinsa. Wannan kuskure ne mai sauƙin yi, domin zazzaɓin yakan riga kumburin bayyana. Talata da safe ya ga wani wuri kamar faɗin tafin hannu a saman idon sawu ya yi duhu yana zogi. Da ya tafi asibiti ran nan, da ƙwayoyi kawai za a ba shi ya koma gida. Amma ya bari, aka kira wanzami ya yi tsaga don a fid da “mugun jini”. Ciwon nan ba a taru wuri ɗaya yake kamar maruru ba, balle a tsaga ya fita. Ya bazu ne cikin fata kamar yadda ruwa ke bin zane, tsagar kuwa sababbin ƙofofi ta buɗe. Kafin Alhamis kumburi ya kai kusa da gwiwa, ba ya iya taka ƙasa. Yanzu kam sai kwanciya a asibiti da allura ta jijiya. Kwana biyu ne kaɗai tsakanin ƙwaya a gida da gadon asibiti.

Dalilin gaggawar ke nan. Ƙwayoyin cutar suna bin ƙananan hanyoyin ruwan jiki su haura sama, daga nan suna iya faɗawa cikin jini. Maganin shafawa ba ya kai wa inda suke. Tilas sai antibayotik da zai bi jini ya same su.

Ga babban mutum da ciwonsa bai yi tsanani ba, likita yakan rubuta fulukuloksasilin ko sefaleksin, galibi miligiram 500 sau huɗu a rana, na kwana 5 zuwa 7. Mu yi lissafi: sau huɗu a kwana bakwai, kafso 28 ke nan. Wanda ya je kemis ya sayi amfikulos guda shida, ya sha huɗu, ya fasa biyu ya barbaɗa a ƙafa, bai yi magani ba, ya dai ɓata kuɗinsa. Fulukuloksasilin ya fi aiki in an sha shi ciki ba abinci, kamar awa ɗaya kafin a ci. Wanda fenisilin ya taɓa sa masa borin jini ko sarƙewar numfashi, lalle ya faɗa tun kafin a rubuta, domin akwai wasu magungunan da za a ba shi a madadinsa. Kumburin ƙafa ɗaya yana iya zama kuma gudan jini ne ya toshe jijiya, maganinsa daban. Shi ya sa muke cewa ma'aikacin lafiya ya gani da idonsa.

Akwai wata dabara da ba ta cin ko kwabo. A ɗauki biro a zagaye iyakar wurin da ya yi zafi, a rubuta rana da lokaci a gefe. A kwana na farko ko na biyu bayan fara magani, kumburin yana iya ɗan ƙetare layin, wannan ba abin firgita ba ne in zazzaɓi na sauka, mutum na jin dama. Amma in an kwana biyu zuwa uku yana ta ci gaba, a koma asibiti: ko maganin bai dace ba, ko kuwa mugunya ta taru a ciki, sai likita ya buɗe. A tsakanin nan a kwanta, a ɗora ƙafar bisa matashi ta fi kwatangwalo tsawo, a sha ruwa sosai. Zama a kujera ƙafa na reto yana ƙara kumburi.

Wasu alamu kuwa ba sa jiran wayewar gari. In zogi ya fi ƙarfin abin da ido ke gani, ko fata ta fara yin baƙi da bororo, ko wurin ya mutu ba a jin taɓawa, ko kumburi na ƙetare layin biro cikin 'yan awoyi, to, mai yiwuwa cutar ta shiga can ciki tana cin nama, sai an yi aiki. Haka nan in mara lafiya ya fara sambatu, numfashi na sauri, fitsari ya ragu. Irin wannan, babban asibiti ake nufa kai tsaye, ko da tsakar dare ne. Mai ciwon sukari, da mai tundurmi, da tsoho, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, su ba sa ma jiran alamun nan.

Bayan an warke, fatar wurin takan saɓe, duhun kuma yakan ɗauki makonni kafin ya washe, ba wai magani ya kāsa ba ne. Sai dai ciwon yana son komawa ƙafar da ya taɓa kamawa, domin kowane zuwa yana lalata hanyoyin ruwan nan, ƙafa ta riƙa riƙe kumburi. Manominmu, in bai rufe ƙofar farko ba, yana iya sake kwanciya da damina mai zuwa. Sai ya riƙa wanke ƙafa da sabulu in ya dawo daga gona, ya tsane tsakanin yatsu da tsumma mai tsabta, ya shafa wa cin ruwan man kulotirimazol safe da yamma har mako biyu zuwa huɗu, faso kuma ya riƙa sa masa basilin kafin ya kwanta.