Marubuta Uku, Baki Ɗaya

Shafin sana'a a TikTok ko Instagram yakan fara ne da mutum ɗaya: shi ke rubutawa, shi ke ɗauka, shi ke magana. Da kasuwa ta buɗe sai a ɗauko mataimaka, kuma daga nan masu kallo kan fara jin wani abu ya sauya. Bidiyon Litinin ya zo da barkwanci, na Laraba kamar sanarwar gwamnati, na Juma'a rabinsa Turanci. Maganin wannan shi ne kundin murya, wato 'yar takardar da ke fayyace yadda shafin ke magana ko wane ne ya riƙe alƙalami.

Kamfanin Mailchimp na birnin Atlanta a Amurka, mai taimaka wa 'yan kasuwa aika saƙonnin imel, yana cikin waɗanda suka yi fice a wannan fanni, don ya saki kundinsa a fili kowa ya karanta. Babban abin da ya koyar shi ne bambanta murya da yanayi. Murya hali ce, ba ta sauyawa. Yanayi kuwa yana bin halin da mai sauraro ke ciki. Kamfanin yana da raha, amma ya gargaɗi marubutansa kada su tilasta ta, musamman ga wanda abu ya lalace masa yana neman mafita. A 2016 kuma cibiyar Nielsen Norman ta ba da ma'auni huɗu na auna salon magana: raha ko nutsuwa, sakin jiki ko tsare gida, girmamawa ko tsokana, zumuɗi ko faɗin abu yadda yake.

Ma'aunan suna da amfani, sai dai su kaɗai ba sa rubuta bidiyo. Nan ne kundi da yawa ke faɗuwa. A rubuta "mu masu fara'a ne, masu gaskiya", marubuta uku su karanta, kowa ya fassara fara'a da irin tasa. Abin da ke aiki shi ne hukunci a kan ƙananan abubuwa, haɗe da misali.

A ɗauki mai sayar da yaji da garin kunu a Kano, wadda ke da marubuta uku. Tambayar farko da Hausa ke tilasta mata ita ce wa ake yi wa magana: kai, ke, ko ku? In yawancin masu sayenta mata ne, "ke" tana kawo kusanci, amma tana rufe ƙofa ga magidancin da aka aiko cefane. "Ku" ta haɗa kowa kuma da ladabi. Duk wadda ta zaɓa, a rubuta ta a layin farko. Sai mai magana: "ni" ce Hajiya da kanta, ko "mu" ne shago? Sai buɗewa: da sallama za a fara, ko kai tsaye da kaya a hannu? Wannan ba ƙaramar shawara ba ce, domin a gajeren bidiyo daƙiƙun farko ne ke sa a tsaya ko a wuce. Sai karin harshe, musamman in tana da masu saye a Maraɗi da Damagaram, inda ake cewa mato da lakwal, ba mota da makaranta ba.

Bayan haka sai jimloli biyu-biyu, wadda ta dace da wadda ba ta dace ba. A ce farashi ya tashi. Marubuci ɗaya zai rubuta: "Muna sanar da abokan hulɗarmu cewa an samu sauyin farashi." Kundin ya nuna cewa shagon ba haka yake magana ba, ga nasa: "Barkono ya yi tsada a kasuwa, don haka kwalbar yaji ta ƙaru da naira 200. Yawan da kuka sani bai ragu ba." A ƙarƙashi a rubuta dalili: ana faɗin adadi, ana faɗin sababi, ba a raha da aljihun mutane. Irin wannan misali a yi shi ga sabon kaya, ga jinkirin kai saƙo, ga gaisuwar Sallah.

Da yake kunne ne zai karɓi rubutun, dole a gwada shi da baki. Mai gabatarwa ta karanta da agogo, a ƙirga kalmomin da take furtawa cikin daƙiƙa 30 ba tare da haki ba, a mai da adadin iyaka ga kowa.

Gwajin ƙarshe mai sauƙi ne. A ba marubutan uku batu ɗaya, a cire sunayensu, a miƙa wa wanda ya san su. In ya iya cewa wannan na wane ne, a duba abin da ya tona shi, wataƙila wata kalma ce ko salon rufewa, a yanke hukunci a kansa, a ƙara a kundin kafin ɗaukar mako mai zuwa.