Uwa da 'Ya'yanta a Bakin Iyaka: Takardar Izini da Sarƙar Sunaye

Ma'aikacin shige da fice da ke zaune a filin jirgin sama bai san ki ba, bai san mijinki ba, bai halarci sunan yaron da kike riƙe da hannunsa ba. Abin da ke gabansa takardu ne, kuma tambayarsa ɗaya ce: wannan babba da wannan ƙarami, me ya haɗa su, kuma wanda aka bari a gida ya san da tafiyar? Sau da yawa za ka ji mutum yana kumfar baki yana cewa, "Ɗana ne fa, ba ka ga kama ba?" Kama ba hujja ba ce. Galibin rigimar sace yara zuwa wata ƙasa ma tsakanin uwa da uba take aukuwa bayan aure ya mutu, saboda haka wanda yaron ya fi kama da shi yana iya zama shi ne ake nema. Wannan matsala ce ta sa aka ƙulla yarjejeniyar Hague ta 1980 kan mayar da yaran da ɗaya daga cikin iyayensu ya gudu da su.

Fasfo, biza da katin rigakafin shawara kowa ya san da su, ba sai mun tsaya ba. Abin tunawa kawai shi ne ko jariri ne sai da fasfonsa na kansa. Zamanin da ake rubuta sunan yaro a cikin fasfon uwa ya wuce, duk wanda ya ce miki har yanzu ana yi, labarin da yake ba ki ya tsufa.

Inda aka fi yin tuntuɓe, kuma inda na fi son mai karatu ya natsu, shi ne sunaye. Tsarin takardun tafiya an gina shi ne a kan al'adar mutanen da gida guda ke ɗaukar suna guda: miji, mata da 'ya'ya duk sunansu na ƙarshe ɗaya. Mu kuwa ba haka muke ba. Mace tana riƙe da sunan mahaifinta ko bayan aure, yaro yana ɗaukar sunan ubansa na yanka, uban kuma ya liƙa sunan garinsu ko unguwarsu a ƙarshe. Mu ƙaddara wani gida. Uwa a fasfonta Hauwa'u Sani Gwarzo, uba Musa Ibrahim Dala, 'yarsu kuma Aisha Musa. A wurin Bahaushe babu wani abin tambaya a nan. A wurin ma'aikaci a Landan ko Toronto kuwa, ga mace da yarinya babu kalma ko ɗaya da ta haɗa sunayensu. Dole ya tambaya, kuma yana da ikon tsayar da su har ya gamsu. A Birtaniya ma dokar kan iyaka ta 2009 ta ɗora wa ma'aikatan alhakin kula da lafiyar yara da tsaronsu, shi ya sa sukan ja yaro da hira su tambaye shi wace ce wannan da yake tare da ita.

Abin da ke ɗinke wannan ɓarakar ita ce takardar haihuwa, wadda ke ɗauke da sunan uwa da na uba. A Najeriya Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke bayar da ita, bisa dokar rajistar haihuwa da mutuwa ta 1992. Katin da asibiti ya bayar ranar haihuwa ba ita ba ce, katin allurar rigakafi ma ba ita ba ce. Amma samun takardar bai wadatar ba, sai an zauna an karanta ta harafi bayan harafi. A gidan namu na misali, a ce ranar da aka je yin rajista ƙanin uba aka aika, shi kuwa da aka tambaye shi sunan uwa sai ya ce Jummai Musa, don da Jummai ya san ta kuma matar Musa ce. Yanzu ga takarda ta ce Jummai Musa ta haifi Aisha, ga fasfo ya ce Hauwa'u Sani Gwarzo ce ke tafe da ita. Takardar da aka kawo don ta wanke uwa ta koma shaida a kanta.

Wannan ba abin mamaki ba ne a ƙasar da ake sakaya suna saboda alkunya. Yaron da aka raɗa wa Muhammadu ana ce masa Abba, a makaranta an rubuta Abba, a takardar haihuwa Muhammadu, a fasfo Mohammed. Idan uban ɗan Maraɗi ne ko Damagaram, takardunsa za su ce Mahamadou, Moussa, Issoufou, da rubutun Faransanci, na matarsa 'yar Katsina kuma su ce Muhammad, Musa, Yusuf. Bambancin harafi ɗaya ko biyu mai hankali kan wuce shi. Amma Jummai da Hauwa'u mutum biyu ne a idon duk wanda bai san ranar Juma'a aka haife ta ba. Gyaran shi ne tun kafin a sayi tikiti a koma ofishin da ya bayar da takardar a daidaita sunan, ko a yi takardar rantsuwa a kotu cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne, a haɗa da takardar aure. A bakin kantar jirgi babu mai iya gyara wannan.

Sai takardar izinin kanta. Ba ta da wuya, shafi ɗaya ce. Musa zai rubuta cikakken sunansa kamar yadda yake a fasfonsa da lambar fasfon, ya ce shi ne mahaifin Aisha Musa, ya kawo ranar haihuwarta da lambar fasfonta, ya ce ya yarda ta yi tafiya tare da mahaifiyarta, ya ambaci sunanta da lambar fasfonta. Sa'an nan ƙasar da za su, adireshin masauki, ranar tashi da ranar dawowa, har da ƙasar da za su ya da zango idan akwai. Ya sa lambar wayar da za a same shi, ya sa hannu a gaban lauya mai hatimin shaida, wanda ake kira notari, ko gaban kwamishinan rantsuwa a babbar kotu. A maƙala hoton shafin fasfonsa mai ɗauke da sa hannunsa, don a iya gwada hannu da hannu. A rubuta ta da Ingilishi, ko da harshen ƙasar da za a je. Lambar wayar nan kada a ɗauke ta ado. Ma'aikaci na iya bugawa nan take, idan wayar tana kashe saboda a Kano ƙarfe uku ne na dare, uwa da 'ya sai su zauna jiran gari ya waye. Takardar da ta ce "na yarda ta kai ta duk inda take so, ko yaushe" ba ta da nauyi, don ba ta nuna ya san da wannan tafiyar ba. Idan ƙasar ta nemi a tantance hatimin, sai an bi ta Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, daga nan ofishin jakadancinsu.

Akwai wata magana da ta gundure ni, wai uba ba ya bukatar izinin kowa tun da shi ne mai 'ya'ya. A zauren gidansa ne wannan maganar take aiki. Galibin ƙasashen da ke neman takardar ba su ce izinin uba ba, cewa suka yi izinin wanda bai zo ba, uwa ce ko uba. Namiji shi kaɗai da ƙaramar yarinya ma ya fi jan ido. Ko a fiƙihun Malikiyya da kotunanmu na shari'a ke bi, an raba walicci, wanda ke hannun uba, da reno, wanda uwa ta fi cancanta da shi bayan rabuwa. Malamai sun yi maganar tafiya da yaro tun da daɗewa, suka bambanta tafiyar ƙaura da ta fatauci ko ziyara, suka sa iyaka a barid shida, wajen mil 72. Wato tambayar ma'aikacin filin jirgi ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kada kuma a rikita izinin yaro da na matar aure. A 2009 Babbar Kotun Tarayya da ke Fatakwal ta yanke cewa tilasta wa matar aure kawo izinin miji kafin a ba ta fasfo ya saɓa wa tsarin mulki. Wancan hukunci a kan babbar mace yake, bai shafi ɗan ƙasa da shekara 18 ba.

Shin ko'ina ake tambayar takardar? A'a, kuma wannan ne ke sa mutane sakaci, don maƙwabciya ta je ta dawo ba a tambaye ta ba. Amurka da Kanada shawara suke bayarwa a riƙe ta, ma'aikaci ya nema idan ya ga dama. Brazil kuwa wajibi ce a kan yaranta masu fita da mahaifi ɗaya. Labarin Afirka ta Kudu ya isa izina. Daga 1 ga Yuni 2015 ta wajabta wa duk yaro mai shiga ko fita ya nuna takardar haihuwa mai sunan iyaye biyu, da takardar rantsuwa idan ɗaya bai zo ba. Iyalai da dama aka hana su hawa jirgi tun a ƙasashensu, masu harkar yawon buɗe ido suka yi ta kuka, har a Nuwamba 2019 aka ɗauke wa yaran ƙasashen waje da ke tare da iyayensu wannan sharaɗi, aka bar shi a kan 'yan ƙasa. Abin lura shi ne wanda ya fara hana mutum ba ma'aikacin gwamnati ba ne, ma'aikacin kamfanin jirgi ne. Yana duba ƙa'idar kowace ƙasa a manhajar Timatic, kuma ya san idan aka dawo da fasinja, kamfaninsa ne zai biya tara da kuɗin komowa. Saboda haka a gaban shakka ƙin ɗauka ya fi masa sauƙi.

Idan uba ya rasu, takardar mutuwarsa ke maye gurbin izini. Idan an rabu, hukuncin kotu da ya ba uwa riƙo, kuma ya fi kyau ya ambaci tafiya ƙarara. Idan ya ƙi sa hannu, ko ya ɓace, kotu ake komawa neman umarni. Kwaikwayon sa hannunsa laifi ne da ke iya jawo ɗauri da asarar riƙon gaba ɗaya.

Kaka, goggo ko yaya da za ta tafi da ɗan riƙo tana bukatar izinin iyaye biyu, ko da kuwa a mota ne daga Jibiya zuwa Maraɗi, domin tun da aka kafa hukumar NAPTIP a 2003 babba mai tafe da yaran da ba nasa ba abin tuhuma ne a kan hanya. Ki riƙe takardun na asali a jakar hannu, kada su bi akwati cikin jirgi, ki ajiye hotonsu a waya, kuma kowane yaro a yi masa tasa takardar daban.