Ɗaukar Gwajin Waƙa da Waya: Ɗaki, Tazara da Hayaniya

Matashin mawaƙi a unguwar Sintali ta Jalingo da zai aika wa furodusa gwajin waƙarsa, ba sai ya jira kuɗin situdiyo ba. Abin da ya fi ɓata irin wannan ɗauka shi ne makirfon waya ba ya zaɓe: murya da amon ɗaki da ƙugin janareton maƙwabci, duk kwasa yake yi. Aikin mawaƙi ke nan ya sa muryarsa ta rinjayi sauran.

Daga ɗaki ake farawa. Falo mai tayil da bangon siminti yana maido da sauti, sai murya ta fito kamar daga cikin rijiya. A tsaya a tsakiyar ɗakin a tafa hannu sau ɗaya. In amo ya biyo baya, a sauya wuri. Ɗakin kwana mai katifa da labule da darduma ya fi, domin kaya masu laushi suna shanye sauti. A jingina katifa a bangon da ke bayan mawaƙi, a kuma guji kusurwa, inda murya kan yi kauri.

Tazara ce babban makami. A ƙa'idar sauti, duk sanda aka ninka nisa tsakanin baki da makirfo, ƙarfin murya kan ragu da kusan desibel 6, ƙarar waje kuwa tana nan yadda take. Wanda ya ajiye waya a kan tebur, santimita 60 daga bakinsa, in ya matso da ita zuwa 30, sannan 15, muryarsa ta ƙara tsere wa janareton da desibel 12, amon ɗaki ma ya ja baya. Amma in an matso ƙasa da santimita 10, iskar haruffa irin su f da t za ta riƙa dukan makirfo, kuma murya ta fashe a wurin ɗaga ta. Makirfon yawancin wayoyi yana gindinsu, kusa da wurin caji. A ɗora wayar a kan matashin kai, gindin yana kallon gefen baki, a ɗan ja da baya idan za a ɗaga murya.

Sai hayaniya. Lokacin da aka kawo wuta ya fi dacewa, domin janaretocin unguwa kan yi shiru. A kashe fanka da firji, a rufe tagar da ke kallon titin da keke ke bi, a sa wayar a Airplane mode. Da damina kuwa, in ruwa na dukan kwano, a haƙura ya ɗauke.

Kafin a rera, a ɗauki daƙiƙa 10 ba magana, a saurara da iyafis. Duk abin da aka ji a nan zai zauna a ƙarƙashin waƙar. In an gama, a tura fayil ɗin ta WhatsApp a matsayin Document, domin saƙon murya yana matse sauti ya rage masa inganci.